Kwana tara ina rubuta layi uku

Saura kwana tara jirgina ya tashi na buɗe wurin ajiye rubutu a wayata, da niyyar in tsara abin da zan sa a ƙasan hoton tafiyata. Na ɗauka aikin minti biyar ne. Ni da na cike takardun neman gurbin digiri na biyu, na rubuta wasiƙar bayyana manufa har shafi biyu, na zauna gaban jami'in biza yana jefo mini tambayoyi ban kakare ba, ai kafshan na layi uku ba zai gagare ni ba. Sai ga shi har na hau jirgi ban gama ba. Rubutun da na goge ya fi ashirin, amma biyar ne nake tunawa da su sosai, domin kowannensu akwai inda ya karye, kuma sai da wani ya nuna mini wurin.

Na farkon ya fito ne da zafinsa, ko numfashi ban tsaya yi ba:

"Alhamdulillah! Mafarki ya zama gaskiya. Bayan shekara uku ina nema, yau ga ni zan tafi ƙasar waje karatun digiri na biyu da cikakken tallafi. Sabon babi, sabuwar rayuwa!"

Na karanta shi sau uku ina jin daɗin kaina, sannan na miƙa wa ƙanwata wayar. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, wannan ai sanarwa ce. Kamar wadda aka sako daga gidan yari." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Babu ƙarya ko ɗaya a rubutun. Shekara ukun gaskiya ce, tallafin gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya karanta zai ɗauka ba abin da na bari a baya sai wahala. "Sabuwar rayuwa" na nufin tsohuwar ta ishe ni, kuma mutanen da ke cikin tsohuwar rayuwar su ne za su fara karantawa.

Akwai kuma wani abu da ƙanwata ba ta faɗa ba, ni ce na tuna shi da daddare. Ni da wata ƙawata muka nemi tallafin nan tare. Tare muka yi jarrabawar harshe, ita ta gyara mini wasiƙata, ni na gyara mata tata. An ba mu gurbi mu biyun, ita aka hana ta biza. Ba ta taɓa nuna mini komai ba sai fatan alheri, har rakiyar sayen akwati ta yi mini. Amma na hango ta kwance tana duba waya, ta ci karo da "cikakken tallafi" da alamar motsin rai biyu. WhatsApp na da hanyar ɓoye sitatus ga wanda ka zaɓa, wato "My contacts except…", kuma na yi tunanin in cire sunanta. Sai na ga wannan ya fi muni. Idan wata ta ce mata "kin ga abin da ƙawarki ta ɗora?" ta duba ba ta gani ba, na gaya mata ke nan ina tausayinta a ɓoye. Gara in rubuta abin da za ta iya karantawa ba tare da ta ji an taka ta ba. Daga ranar na cire maganar tallafi da shekara uku gaba ɗaya. Wanda yake son sanin wannan zai tambaye ni.

Na biyun kuwa shi ne ya jawo mini abin kunya. Saura kwana shida, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na kasa barci. Na zauna ina kallon ɗakina, rabin kayan suna cikin akwati, rabi a kan gado, sai wani abu ya tokare ni a ƙirji. Na ɗauki hoton akwatin a buɗe na rubuta:

"Rabuwa da ciwo. Ban san yadda zan rayu babu ku ba. Duk wanda na ɓata wa ya yafe ni. Sai Allah ya sake haɗa fuskokinmu."

Wannan karon ban nuna wa kowa ba, kai tsaye na ɗora a sitatus na kwanta. Ƙarfe shida da 'yan mintuna wayata ta fara ƙara. Gwaggo ce. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Ke lafiya? Me ya faru? Wani abu likita ya ce miki?" Kafin in gama yi mata bayani ta riga ta kira Umma. Sitatus ɗin WhatsApp ba a gyara shi bayan an ɗora, sai dai a goge a sake, kuma kafin in goge mutum arba'in da wani abu sun gani. Da na bar shi zai zauna awa 24.

Umma ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta shigo ɗakin ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wata rigata tana ninkewa, ta ce, "Idan kin san ba za ki iya ba, ki faɗa mini tun yanzu. Ba wanda ya kore ki." Na ce, "Umma wallahi ina so in tafi." Ta ce, "To me ya sa kike rubutu kamar mai barin wasiyya?"

Ranar na gane cewa kalmomin rabuwa ba nauyinsu ɗaya ba. "A yafe ni" da "sai Allah ya sake haɗa fuskokinmu" maganganu ne masu kyau a bakin mai sallama, ido da ido, inda fuskarka ke nuna lafiya kake. A rubuce, da tsakar dare, a ƙasan hoton ɗaki babu mutum a ciki, sai su koma maganar wanda ba ya sa ran dawowa. Kuma na gane wani abu game da mai karatun da na manta da ita. Ƙawaye za su ga rubutun su sa imojin kuka su wuce. Uwa kuwa za ta riƙe shi. Duk ranar da na yi awa uku ban amsa saƙo ba, "ban san yadda zan rayu babu ku ba" zai dawo mata.

To, na farko ya yi murna da yawa, na biyu ya yi kuka da yawa. Sai na ce abu mai sauƙi, in haɗa su. A nan ne na ɓata kwana uku, kuma a nan ne na koyi abin da ya sa na zauna rubuta wannan labarin.

Na rubuta: "Ina murnar tafiya, amma zan yi kewar gida." Na karanta da ƙarfi. Jimlar ta ƙare a kan kewa, murnar ta zama kamar sallamar da ake yi kafin a faɗi ainihin abin da ya kawo mutum. Na juya ta: "Zan yi kewar gida, amma ina murnar tafiya." Yanzu kuma kewar ce ta zama abin da aka ambata don kada a ce ba a ambata ba, aka share ta da sauri. Na gwada "duk da haka", na gwada "sai dai", na gwada "ko da yake". Duk abu ɗaya suke yi. Kalmar "amma" alƙali ce, ba ta barin a tashi kunnen doki. Abin da ya biyo bayanta shi ya ci shari'a, abin da ya gabace ta an saurare shi ne kawai. Duk wanda aka taɓa ce wa "aikinka ya yi kyau, amma…" ya san wane ɓangaren ya tafi da shi gida.

Ni kuwa ba haka abin yake a raina ba. Babu wanda ya rinjayi wani. A cikin minti ɗaya ina iya buɗe imel ɗin da sashenmu ya turo da jadawalin darussa, in ga ajin farko ranar Litinin ƙarfe tara na safe har da lambar ɗakin, gabana ya faɗi don daɗi, sannan in ji ƙanena na dariya a tsakar gida idona ya ciko. Ba sa jiran juna, ba sa ba juna wuri.

Maganin ya zo daga bakin Yaya, babban wanmu, ba tare da ya san ya ba ni komai ba. Muna auna kaya ne. Tikitina ya ba ni akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu mai kilo 7. Ba mu da ma'aunin kaya, sai na banɗaki, don haka Yaya ya hau shi kaɗai mu rubuta, ya sake hawa rungume da akwati mu cire. Na farko ya ba mu 22 da ɗan wani abu. Na biyu 26. Muka zazzage shi a ƙasa muna zaɓen abin da zai zauna. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon tulin ya ce, "Ga littattafai, ga rigunan sanyi, kuma duk sai sun tafi." Na ajiye abin da ke hannuna na ɗauki waya.

Ga kaza, ga kaza. Kullum muna faɗar haka: ga yunwa ga gajiya, ga kyau ga hankali, ga rana ga ƙishirwa. Wannan ginin jimlar ba ya yanke hukunci. Yana ajiye abu biyu a gabanka gefe da gefe ya ce duba. Ko ka juya su ma'anar ba ta sauyawa. Na rubuta na huɗu: "Ga ɗoki, ga kewa." Kalma huɗu, kuma karon farko ke nan da na karanta abin da na rubuta ban ji na yi wa ɗayansu rashin adalci ba.

Ɗoki na zaɓa da gangan. Murna ta abin da ya riga ya samu ce, ranar da biza ta fito na yi ta. Zumuɗi kuwa yana da ɗan rawar kai a ciki, irin wanda ake yi wa mutum tsiya a kai. Ɗoki shi ne ƙaguwar ganin abin da ke gaba, kuma shi ne daidai da abin da nake ji game da ranar Litinin ɗin nan. A ɗaya ɓangaren na yi ta kai-kawo tsakanin kewa da bege. Bege ya fi kewa zafi, amma a ƙasan hoton budurwa mai tafiya, kafin azahar za a fara tambayar wane ne. Na bar shi.

Karin magana ma na gwada, kada a ce ban gwada ba. "Tafiya mabuɗin ilimi" ta dace, matsalarta kawai duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgi da jaka ya riga ni rubuta ta, kuma ɓangaren ɗoki kaɗai ta ɗauka. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi" na rubuta na goge nan take, domin wannan gargaɗi ne, kusan gori, ba abin da mai tafiya zai faɗa wa kansa ba. "Sabo ake yi wa kuka" ta fi su kusa da zuciyata, amma an fi jin ta a gidan rasuwa, kuma na riga na ɗanɗana kiran Gwaggo sau ɗaya.

Na nuna wa ƙanwata "Ga ɗoki, ga kewa." Ta ce ya fi, amma (ita ma da nata amman) kowa zai iya rubuta shi. Mai zuwa aure zai iya, mai komawa makarantar kwana zai iya. "Ɗokin me? Kewar wa?" Gaskiyarta. Ɗoki da kewa sunaye ne kawai na abin da ake ji, ba sa nuna wa mai karatu komai. Na zauna na yi jeri biyu. A na ɗoki na rubuta ɗakin karatu na jami'ar da na sha gani a hoto, da malamar da na karanta bincikenta tun ina aji uku, da ajin Litinin. Wannan bai ba ni wuya ba, ajin Litinin na ɗauka, domin shi ne mai rana da lokaci, kuma babu fariya a cikinsa. Kowane ɗalibi yana da ajin farko.

Jerin kewar ne ya ƙi. Na rubuta "gida", ya yi faɗi. Na rubuta "'yan uwana", sai na ga idan ban jera sunaye ba babu daɗi, idan na jera kuma dole in manta wani, kuma wanda aka manta ba ya mantawa. Na rubuta "addu'ar Umma", amma addu'a ba ta san nisa ba, za ta same ni duk inda nake. Abin da nake nema shi ne abin da ba zai bi ni ba. Wanda waya ba za ta kawo ba.

Daren jajibirin tafiya, baƙi sun watse, akwatuna biyu na jingine a bakin ƙofa, ina zaune a gado ina sake duba fasfo da takardar gurbin karatu karo na ba adadi. Sai na ji takun Umma, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ce, "Kashe fitilar nan ki kwanta." Tun ina firamare take faɗa mini wannan maganar, da murya ɗaya, ba ta ƙara ba ta ragewa. Sau nawa na yi tsaki a zuciyata saboda ita. Na ce "to Umma", na kashe, na zauna a duhu ina hawaye, na lalubo waya na rubuta a ƙarƙashin bargo:

"Ga ɗokin ajin farko ranar Litinin, ga kewar muryar Umma tana cewa in kashe fitila in kwanta. Duka biyun na tafi da su."

Da safe na ƙirga haruffan har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, suka kama 118. Ba don son lissafi na ƙirga ba. Instagram na ba ka damar rubuta har haruffa 2,200 a ƙasan hoto, amma wanda ke wucewa da yatsa ba ya ganin duka. Wajen haruffa 125 na farko ake nuna masa, sauran sai ya taɓa "more", kuma mutane da yawa ba sa taɓawa. Da na sa ɗoki a sakin layi na farko, kewa a na biyu, to yawancin masu gani rubutuna na farko za su karanta, wanda ƙanwata ta kira sanarwa. Dole duka biyun su shiga kafin wurin yankewar, in ba haka ba manhajar ce za ta yi aikin "amma" a madadina. Don haka ne ma ban fara da dogon godiya ba, na mayar da shi ƙasa.

Saura hoto. A filin jirgi, bayan an karɓi akwatunan (na biyun ya tsaya a 22.8, na ji kamar in rungume ma'aikaciyar), na yi abin da na sha ganin ana yi: na saka takardar shiga jirgi a tsakiyar fasfo, na ɗaga su da hannu ɗaya na ɗauka. Na tura wa Yaya in ji ko ya yi kyau, shi yana can waje bai kai ga mota ba. Ya kira ni maimakon ya rubuto. "Kada ki kuskura ki ɗora wannan."

Ya sa na buɗe hoton na faɗaɗa shi. Sunana cikakke ya fito, lambar jirgi, lambar kujera, da wasu haruffa da lambobi guda shida a gefe. Waɗannan shidan su ne lambar ajiyar tikiti. A shafukan kamfanonin jiragen sama da yawa, ita da sunan mahaifi kaɗai ake buƙata a buɗe bayanan tafiyar mutum, a ga jiragen da zai hau da lokutansu, a wasu wuraren har a sauya kujera ko a taɓa tikitin. Na ce to bari in rufe lambar da imoji. Ya ce zanen nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa a ƙofar jirgi shi ma yana ɗauke da sunan da lambar, kuma akwai manhajojin waya da ke karanta shi daga hoto idan ya fito sosai. Ni kuwa ina da jirgi na biyu da zan canja a hanya, wato tikitin na nan da rai har sai na sauka. Shafin fasfo mai hoto da shafin biza kuwa ko kusa, layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo suna ɗauke da lambarsa da ranar haihuwa da ranar ƙarewarsa. Na goge hoton daga hirarmu, na ajiye shi a wayata ni kaɗai.

Hakan ya zama alheri ta wata fuskar, domin hoton fasfo hoton ɗoki ne zalla, da ya ƙaryata rabin rubutun. Na koma cikin hotunan safiyar na samu wanda ƙanwata ta ɗauka ban sani ba: ni a ƙofar gida na juya baya ina jan akwati, na waiwayo ina dariya, idona a kumbure. Babu lambar gida a ciki, babu lambar mota. Akwai wani da ya fi shi kyau, wanda Umma ke riƙe da hannuna, amma ba ta son a sa hotonta kuma ban tambaye ta ba, don haka ya zauna. Muryarta ma da na ambata sai da na tura mata rubutun tukuna. Ta amsa da kalma uku: "Allah ya tsare." Ƙanwata ta ce da ta karanta ta tashi ta shiga ɗaki.

Ban ɗora a filin jirgi ba. Na yi niyya, yatsana na kan maɓallin, sai na tuna ina da awa shida a sama, awa biyar na jira, sannan wani jirgin. Duk wanda ya ga hoton zai rubuto "kin sauka?", ni kuma babu intanet, shirun zai koma wa Umma a matsayin tambayoyi. Ban kuma ga dalilin da zai sa duniya ta san ina hanya ni kaɗai a daidai wannan lokacin ba. Na bari sai na isa.

A wurin jiran jirgi na biyu na samu intanet na kyauta. Maimakon in ɗora, sai na rubuta wa ƙawata, wadda aka hana biza. Ban yi dogon bayani ba. Na tura mata hoton da rubutun na ce ina so ita ta fara gani, kuma wasiƙar da ta gyara mini ce ta kawo ni nan. Ta yi minti goma tana rubutu tana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe ta turo: "Ki cire waƙafin bayan Litinin ko ki bar shi, duk ɗaya. Sauran kada ki taɓa. Ki riƙe mini kujera." Na bar waƙafin.

Na isa ɗakin kwanan ɗalibai da yamma liƙis. Gado babu zanin gado, tebur, kujera, taga mai kallon wani gini. Na kira gida na ce na sauka lafiya, aka yi ta karɓar waya hannu zuwa hannu. Bayan an kashe, shirun ɗakin ya sauko mini gaba ɗaya. Na zauna a kan akwati na buɗe rubutun in ɗora, na karanta shi karo na ƙarshe, sai na ji wani abu bai zauna ba. "Duka biyun na tafi da su." Wannan maganar wadda ke tsaye a gida ce tana kallon hanya. Ni yanzu ina ɗaya bakin. Daga nan ba tafiya na yi da su ba, tahowa na yi. Tsakanin "tafi" da "taho" haruffa biyu ne kawai, amma da na sauya su sai da na ajiye wayar na ɗan jima. A cikin kwana ɗaya gida ya tashi daga "nan" ya koma "can", kuma harshena ya riga ni amincewa.

Abin da na ɗora ke nan:

"Ga ɗokin ajin farko ranar Litinin, ga kewar muryar Umma tana cewa in kashe fitila in kwanta. Duka biyun na taho da su.

Alhamdulillah na sauka lafiya. Shekara biyu ce in sha Allah. Na gode wa duk wanda ya taimaka, kun san kanku. A sa ni a addu'a."

"Shekara biyu ce" saboda Gwaggo na sa, don ta ga tafiyar na da ranar ƙarewa. Sunan jami'a da na gari ban sa ba, wurin da ake alamta inda mutum yake ma na bar shi a kashe. Imoji ɗaya na so in ƙara, na rasa wanda ba zai karkata ga dariya ko ga kuka ba, na haƙura.

Saƙonni suka yi ta shigowa. Abin da na lura da shi, kusan ba wanda ya ce "kada ki damu" kuma ba wanda ya ce "kin huta". Mutane labarin nasu iyayen suka riƙa ba ni. Wata da ta riga ni tafiya da shekara ɗaya ta ce nata baban kullum sai ya zagaya ya taɓa kowace ƙofa kafin ya kwanta, kuma ƙarar nan ce ta fi damunta a watan farko. Wani ɗan ajinmu na da ya tambayi wane darasi ne ranar Litinin ɗin, na ba shi amsa mai tsawon da bai nema ba.

Ina ta amsawa ban duba agogo ba. Muna gaban gida da awa biyu, ƙarfe ɗaya ta wuce a wurina. Sai ga saƙon murya daga Umma, daƙiƙa huɗu. Ta gan ni a kan layi. Na san abin da ke ciki tun kafin in taɓa, amma na saurara sau uku, sannan na tashi na lalubi makunnin a bangon da ban saba da shi ba.